Tsohuwar Farar Mota Tsakanin Ingilishi da Faransanci

Duk wanda ya taɓa ƙetare iyaka daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ya san a kasuwa da tasha ba a neman tafinta, Hausa ake yi nan da can. Sai an zo kan takarda ake gane cewa bokon bai zo ɗaya ba. Takardar haihuwa, sakamakon asibiti, shaidar kammala karatu, rasit na kwastan, na wannan gefe da Ingilishi suke, na wancan gefe kuma da Faransanci. Haka abin yake ga 'yan'uwanmu na Gana da Kamaru da Chadi. Shi ya sa aikin fassara da malami yake bai wa ɗalibai a aji ya fi ƙarfin wasan jarrabawa, domin wata rana takardar wani ce za a miƙo wa yaron nan a ce ya juya ta.

Yawancin ɗalibai suna ɗauka cewa wahalar aikin tana wajen sanin kalmomi. Alhali kalmomi su ne suka fi sauƙi, don ƙamus yana bayar da su, kuma harsunan biyu sun yi tarayya a kan kalmomi masu ɗimbin yawa tun bayan da Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Inda jan biron malami yake yawan sauka wuri biyu ne: yadda ake jera kalmomi a jimla, da kuma jinsin suna, wato ko kalma namiji ce ko mace. Abin da nake so mai karatu ya gani shi ne, a duka wuraren nan biyu Bahaushe yana riƙe da makamin da Baturen Ingila ba shi da shi, sai dai ba kasafai ake nuna masa ba.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi daki-daki. Malami ya rubuta a allo: *My sister's old white car broke down yesterday. Her husband sold it and gave her the money.* Da Hausa muna cewa: tsohuwar farar motar 'yar'uwata ta lalace jiya, mijinta ya sayar da ita ya ba ta kuɗin.

Ɗalibin da ya saba bin kalma bayan kalma zai fara da *ma sœur*, don ita ya fara gani, kuma daga nan ya saki hanya. Tambayar farko da mai fassara yake yi wa jimla ita ce: a kan wa ake magana? Ba 'yar'uwar ce ta lalace ba, motar ce. Ingilishi yana tara duk abin da yake bayyana suna a gabansa, mai abu da sifofi duka, sai a ƙarshe sunan ya fito. A nan kalmar *car* ita ce ta biyar. Faransanci kuwa yana son sunan ya fito da wuri, mai abu ya biyo baya da ƙaramar kalmar nan *de*. Saboda haka sai a ce *la voiture de ma sœur*. Wannan tsari ne da bakinmu ya riga ya saba da shi, don mu ma motar 'yar'uwata muke cewa, abin mallaka a gaba, mai shi a baya. Wanda yake sauraron rediyon ƙasashen biyu ma ya ga alamar wannan juyi a gajerun sunaye: cutar da ake rubuta AIDS a Najeriya ita ce SIDA a Nijar, ƙungiyar tsaron da ake kira NATO ita ce OTAN a Faransanci. Kusan haruffa ɗaya ne, jerin ne ya kife.

Da zarar an kama sunan, kafin a ƙara rubuta ko harafi ɗaya, sai a tabbatar da jinsinsa. *Voiture* mace ce. Wannan hukunci guda shi zai bi jimlar har ƙarshenta.

Sai sifofi biyu, tsufa da fari. A Faransanci yawancin sifofi bayan suna suke zuwa, musamman na launi da fasali da ƙasa ko addini. Amma akwai wani ƙaramin rukuni na gajerun sifofi da ake amfani da su kullum, irin su *grand* da *petit* da *bon* da *beau* da *jeune* da *vieux*, waɗanda bisa al'ada gaban suna suke zama. Jimlarmu ta haɗa ɗaya daga kowane rukuni, don haka sunan zai zauna a tsakiya: *la vieille voiture blanche de ma sœur*. Lura da cewa *vieux* ya koma *vieille*, *blanc* ya koma *blanche*, daidai yadda tsoho ya koma tsohuwa, fari ya koma fara. Yaron da ya tashi a Landan sai an yi ta fama da shi kafin ya yarda cewa mota tana iya canza wa sifa kama. Yaron Katsina ko na Damagaram ba zai taɓa cewa "farin mota" ba tare da kunnensa ya gaya masa akwai gyara ba.

Aikatau na farko shi ne lalacewar mota, wanda Faransawa suke cewa *tomber en panne*. Wannan aikatau yana cikin 'yan kaɗan da suke gina shuɗaɗɗen lokaci da *être*, kamar su zuwa da tafiya da haihuwa da mutuwa, kuma duk wanda yake wannan rukuni dole ya ɗauki jinsin mai aikin. Don haka za a rubuta *est tombée en panne hier*, da ƙarin *e* a ƙarshe. A baki babu bambanci tsakanin *tombé* da *tombée*, furuci ɗaya ne. Wannan ne ya sa waɗanda suka koyi Faransanci a titi da tasha, suna zuba shi ba gargada, suke faɗuwa a nan idan an ce su rubuta. Kuma wannan ƙaramin harafi yana da nauyi a takardun hukuma: *né* a takardar haihuwa yana nufin namiji aka haifa, *née* kuma mace. Ingilishi *born* kawai yake cewa ga kowa.

Jimla ta biyu ita ce ta fi kama mutane, kuma a kanta nake so mu ɗan daɗe. *Her husband*. Ɗalibi ya ga *her*, ya san mace ce, sai hannunsa ya rubuta *sa mari*. Kuskure ne, *son mari* ake cewa. Dalili kuwa shi ne harsunan biyu ba abu ɗaya suke kallo ba. Ingilishi mai abu yake kallo: idan namiji ne *his*, idan mace ce *her*, ko mene ne abin da aka mallaka. Faransanci abin da aka mallaka yake kallo: idan namiji ne *son*, idan mace ce *sa*, ko wane ne mai shi. Miji namiji ne, don haka *son mari*, ko da yake mai mijin mace ce.

Hausa kuwa duka biyun take kallo a cikin kalma ɗaya. Dubi waɗannan huɗun: motarsa, motarta, littafinsa, littafinta. Harafin *r* ko *n* da yake tsakiya yana nuna jinsin abin da aka mallaka, shi ne aikin da Faransanci yake yi. Gaɓar ƙarshe, *sa* ko *ta*, tana nuna jinsin mai abin, shi ne aikin da Ingilishi yake yi. Motarsa da motarta duka *sa voiture* ne a Faransanci, littafinsa da littafinta duka *son livre* ne. A Ingilishi kuma motarsa da littafinsa duka da *his* za su fara. A ganina babu wani bayani a littattafan nahawun da ake shigo mana da su da ya kai wannan sauƙi, kuma abin takaici ne a ce ana koya wa yaran Hausawa wannan darasi ta hanyar da aka tsara wa yaran da harshensu ba shi da jinsi. Abu ɗaya kawai za a kiyaye: *sa* ta Faransanci ba ita ce *sa* ta motarsa ba, kamannin rubutu ne kawai ya haɗa su. Akwai kuma togaciya ɗaya da ya kamata a sani: idan sunan mace ya fara da wasali, sai a yi amfani da *son* don daɗin furuci, kamar *son école*, alhali makarantar mace ce.

Mu ci gaba. *Sold it*. A Ingilishi wakilin sunan da aiki ya faɗa wa yana zuwa bayan aikatau, kamar yadda muke cewa ya sayar da ita. A nan Hausa da Ingilishi suka haɗa kai, Faransanci ya ware, don shi gaban aikatau yake kawo shi. Kuma babu *it* a Faransanci, dole a zaɓi *le* ko *la*. Mota mace ce, sai *la*, wadda take gajarcewa zuwa *l'* a gaban wasali: *son mari l'a vendue*. Ga wani *e* ya sake fitowa. Ƙa'idar ita ce, aikatau mai gina shuɗaɗɗen lokaci da *avoir* ba ya canza kama, sai idan abin da aikin ya faɗa wa kai tsaye ya riga shi zuwa a jimla. A nan motar ta riga shi, a cikin rigar *l'*, don haka ya ɗauki jinsinta. Da za a goge wannan *e*, mai karatu zai ɗauka wani abu namiji aka sayar.

Saura *gave her the money*. Wannan *her* daban take da ta farko, ta farko mallaka ce, wannan kuwa wadda aka bai wa ce. Faransanci yana da kalma ɗaya ga namiji da mace a wannan gurbi, wato *lui*, ita ma gaban aikatau take zama: *et lui a donné l'argent*. A nan *donné* bai samu ƙarin *e* ba, domin abin da aka bayar shi ne kuɗi, kuma bayan aikatau ya zo. Ɗaliban da suka fara jin daɗin ƙara *e* sukan wuce gona da iri su ƙara shi a nan don sun ga mace aka bai wa.

Cikakkiyar fassarar ke nan: *La vieille voiture blanche de ma sœur est tombée en panne hier. Son mari l'a vendue et lui a donné l'argent.*

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada ko mutum ya fahimci abin da ya rubuta. A cire mota a sa keke. A Ingilishi kalma ɗaya ce za ta canza, *car* ta koma *bicycle*, shi ke nan. A Faransanci *vélo* namiji ne, kuma bayan sunan kansa wuri biyar ne za su motsa: *la* ta koma *le*, *vieille* ta koma *vieux*, *blanche* ta koma *blanc*, *tombée* da *vendue* su zubar da *e* ɗinsu. A Hausa ma haka: tsohon farin keken 'yar'uwata ya lalace, mijinta ya sayar da shi. Malamin da yake son sanin ko yara sun gane ko haddacewa suka yi, wannan musanya ta ishe shi.

Sai dai fa kada a ɗauka Hausa za ta gaya wa mutum jinsin kalmar Faransanci. Dabarar daidaita jimla da jinsi ita muke da ita, amma rabon jinsin kowane harshe da nasa. A mota da keke an yi sa'a sun dace, haka ma ƙofa da kujera da wasiƙa, mata ne a harsunan biyu. Amma rana mace ce a wurinmu, *le soleil* namiji ne. Wata namiji ne a wurinmu, *la lune* mace ce. Gida da ruwa da tebur maza ne a Hausa, mata ne a Faransanci, kasuwa kuma akasin haka. Mu duk sunan ƙasa mace ne, muna cewa Nijar ta ce, Najeriya ta yi. A Faransanci *le Niger* da *le Nigeria* da *le Tchad* da *le Cameroun* duk maza ne, *la France* da *la Guinée* mata. Wannan har ƙaramar kalmar da take nuna wuri yake shafa: *au Niger*, amma *en France*.

Muna da wata ɗabi'a da muke ɗaukowa daga gida. Da yake yawancin sunayen mata a Hausa da wasalin *a* suke ƙarewa, sai mu nemi irin wannan alama a Faransanci, mu kama *e* na ƙarshen kalma mu ce shi ne. Yakan yi daidai sau da yawa, amma *problème* da *système* da *livre* da *lycée* duk maza ne, kamar yadda gida da suna da nama suka ƙare da *a* kuma maza ne. Ƙarshen kalmar da aka fi dogara da shi 'yan kaɗan ne. Masu ƙarewa da *-tion* kusan duka mata ne. Masu *-ment* kusan duka maza ne. Masu *-age* maza ne, ban da 'yan tsiraru irin su *page* da *image* da *plage*. Abin da ya wuce wannan sai ƙamus, kuma shawarar da ƙwararrun malamai suke bayarwa ita ce kada a taɓa haddace suna shi kaɗai, a haddace shi tare da *un* ko *une*. Waɗannan sun fi *le* da *la* amfani, don kalma irin *l'argent* ko *l'école* tana ɓoye jinsinta a bayan *l'*. Wani lokaci ma jinsin ne kaɗai yake raba ma'ana biyu: *le livre* littafi ne, *la livre* kuwa fam ne, na kuɗin Ingila ko na awo. *Le poste* muƙami ne ko wurin aiki, *la poste* gidan waya.

Idan aka juya aikin, daga Faransanci zuwa Ingilishi, mutane sukan saki jiki su ce ai yanzu babu ruwansu da jinsi. Nan kuwa ake yin kurakuran da suka fi illa, don na farko nahawu suke ɓatawa, waɗannan kuma labari suke canzawa. Ɗauki wannan: *Moussa a rencontré Aïcha devant sa maison*. Musa ya haɗu da A'isha a ƙofar gida, to gidan wa? Faransanci bai faɗa ba, *sa* gidan take kallo. Ingilishi kuwa ba zai bari a wuce ba sai an zaɓi *his* ko *her*, haka ma Hausa, gidansa ko gidanta. Dole mai fassara ya koma jimlolin baya ya nemo amsa, idan kuma babu, ya tambayi mai takardar. Idan rahoton 'yan sanda ne ko shaidar kotu, mai hankali ba ya yin canki a nan. Bafaranshen da yake son kawar da shakka da kansa yakan ƙara ya ce *sa maison à elle*.

Haka nan akwai kalmomin da kullum mata ne ko da namiji ake nufi, kamar *la victime*, wanda abu ya rutsa da shi, da *la personne*, mutum. Rahoton asibiti yana iya cewa *la victime est arrivée à midi, elle était blessée*, alhali dattijo ne mai gemu aka kawo. Wanda ya ga *elle* ya rubuta *she* ya mayar da namiji mace a takardar hukuma. Idan kuma *elle* tana nufin mota ko gida, *it* za a rubuta, duk da cewa bakin Bahaushe yana son ya ce *she* ga mota saboda "ita" da ya saba.

Gurbin sifa ma yana da nasa tarkon a wannan gefe, don akwai sifofin da ma'anarsu take canzawa gwargwadon inda suka zauna. *Un grand homme* babban mutum ne mai daraja, *un homme grand* dogon mutum ne kawai. *Ma propre chemise* rigata ce ta kaina, *ma chemise propre* rigata ce mai tsabta. *Un ancien ministre* wanda ya taɓa riƙe minista ne ya sauka, *former* ke nan a Ingilishi, amma *une maison ancienne* gida ne da ya daɗe, wato *old*. A nan Hausa ba ta raba mana gardama, don tsohon minista da tsohon gida duk da kalma ɗaya muke faɗarsu, sai an buɗe ido.

Akwai kuma jimlolin da gyaran gurbin kalma ɗaya ba ya isa, sai an rushe ginin an sake. Wasu masana biyu 'yan asalin Faransa da suka yi aiki a Kanada, Vinay da Darbelnet, sun yi bayanin irin wannan a littafinsu na kwatanta salon harsunan biyu da ya fito a 1958. Ingilishi yana sa yanayin motsi a cikin aikatau, inda aka dosa kuma ya bar wa ƙaramar kalma: *she ran out*. Faransanci yana sa inda aka dosa a aikatau, yanayin ya biyo baya: *elle est sortie en courant*. Mu kuma me muke cewa? Ta fita a guje. *He swam across the river* zai zama *il a traversé le fleuve à la nage*, ya ƙetare kogin da iyo. A nan ma Hausa ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Faransanci, kuma ɗalibin da ya fara faɗin jimlar da Hausa a zuciyarsa ya riga ya samu tsarin da yake nema. Mafi shahara a wannan babi ita ce maganar kewa. *I miss you*, ina kewarki, a Faransanci *tu me manques* ne, wanda ake kewa shi ne a gaba, mai kewar ya koma baya. Wanda ya rubuta *je te manque* ya gaya wa masoyiyarsa cewa ita ce take kewarsa.

Ga malaman Faransanci a makarantunmu na Najeriya, da malaman Ingilishi a makarantun Nijar, roƙona shi ne ku daina hana yara kawo Hausa cikin wannan darasi. Ku rubuta motarsa da motarta da littafinsa da littafinta a allo kafin ku fara maganar *son* da *sa*. Kai kuma ɗalibi, duk jimlar da aka ba ka, ka fara faɗinta da Hausa, ka nemo sunan da ake magana a kansa, ka duba jinsinsa a ƙamus ka rubuta a gefen takarda, sannan ka bi jimlar har ƙarshe kana duba duk kalmar da ta rataya a wuyansa kafin ka miƙa aikin.